Lambar da Ke Ƙasan Sanarwa

Ina kan keke ina ɗinke gindin buhu Aina'u ta zungure ni da gwiwar hannu, ta nuna min ƙofa da baki. Sufabaiza ne a tsaye yana yafito ni. A sashenmu ba a jin magana, ƙarar injinan saƙa ta cinye komai, sai dai nuni. Na kashe keken, na kaɗe zaren da ya maƙale min a hijabi, na bi bayansa ina tunanin ko wani buhun ne ya warware aka ce nawa ne.

Kamfanin buhu ne a Sharada. Ba zan kama sunansa ba, ba don tsoro ba, don bakina ya fi ƙarfinsa. Mu mata muna ɗinki, maza suna saƙa da yanka da lodi. Yawancinmu ta hannun ɗan kwangila aka ɗauke mu, wato ranar da aka ga dama a ce ka tafi, ka tafi ke nan. Ni kuwa wannan keken shi ne cina, shi ne shana, shi ne hayar ɗakin da nake ciki a Dorayi da mahaifiyata da 'ya'yana biyu tun da ubansu ya rasu.

Maimakon ofis, sai sufabaiza ya nufi bakin get da ni. Dokar kamfani ce ba a shiga da waya wajen injina. Kowa da safe zai miƙa tasa ga Baba Isyaku maigadi, ya jefa a aljihun tebur, in an tashi ka karɓa. Na tarar da Baba Isyaku ya yi tsuru-tsuru, ga aljihun tebur a buɗe, ga Malam Muhammad Nazir manajan ma'aikata a tsaye da tasa wayar a hannu.

"Hansatu," in ji shi, "tsaya nan ki ga wani abu."

Ya danna kira. Cikin tarin wayoyin nan sai tawa ta kama kuka, 'yar mai fasasshen gilashi da na ɗaure da kyauro.

"Taki ce?"

"Tawa ce, Yallaɓai."

"Tun ɗazu take damun Baba. Ya ce ko mutuwa aka yi muku. Ashe taro kuke da shi."

Ya miƙo min wayarsa. Na karanta:

"SANARWA. An canza wurin taron gobe Lahadi. BA a makarantar Sharada za a yi ba. An koma Challawa. Lokaci bai canza ba, ƙarfe goma na safe. A hau adaidaita mai zuwa Panshekara, a wuce Zawaciki, a sauka a kwanar shiga rukunin masana'antu. A bi titin kamfanonin fata, a wuce babbar taransifoma, sito ne mai shuɗin get a hannun hagu. Wanda ya samu ya tura wa wanda bai samu ba. Don ƙarin bayani a kira wannan lambar."

A ƙasa kuma ga lambata, tiryan-tiryan, ba kuskuren ko ɗaya. Kan uba!

Taron na sani, ba zan ce ban sani ba. Mun daɗe muna ƙus-ƙus a kan kafa reshen ƙungiyar ma'aikata, tun ranar da aka sallami wata abokiyar aikinmu, Maryam, don cikinta ya fito. An shirya manyan ƙungiya na jiha za su zo ranar Lahadi, ranar da ake kashe injina, a yi zaɓe a ɗakin taron wata makarantar kuɗi a nan Sharada. Amma maganar canjin wuri, wallahi tallahi a hannun manaja na fara ganinta. Kuma ina gani na san mai aikin. Mutum ɗaya ne yake rubuta "SANARWA" da manyan baƙaƙe kamar gwamnati: Abdulbaƙi, mai tuƙa motar ɗaga kaya a sito, wanda ya ɗora wa kansa shugabanci tun ba a zaɓe shi ba.

Muka shiga ofis. Sanyin iyakwandishan ya doke ni, ga gumi a jikina. Bai ce in zauna ba.

"Ni ba na son dogon zance," in ji Malam Nazir. "Na san ba ke kika rubuta ba. Ke da kike kan keke tun safe? Abu biyu ne, ki ɗauki ɗaya. Ko ki faɗa min wanda ya rubuta, ko ki yi saƙon murya yanzu a gabana, ki ce sanarwar ƙarya ce, an fasa taro. Muryarki kowa ya san ta. Ki yi ɗaya ki koma kan kekenki, ba wanda ya ji."

"Yallaɓai, ni ban san komai ba."

"Lambarki ta sani."

"To ku tambayi lambar."

Ban so na faɗi haka ba, bakina ne ya riga ni, kamar kullum. Ya dube ni ya yi murmushi irin na wanda aka sauƙaƙa wa aiki.

"Hansatu, kina da yara."

"Na san ina da su, Yallaɓai. Ni na haife su."

Kada wani ya ɗauka jarumta ce. A lokacin nan da za a ba ni Abdulbaƙi da taɓarya, da sai dai a kwashe shi. Amma in buɗe bakina in yi wa mutane ƙarya da muryata, wani yana tsaye a kaina yana jira? Wannan ne ya tsaya min a wuya. Sannan na yi lissafi irin nawa: taron nan gobe ne. In aka kafa ƙungiya, ai maganata ce ta farko da za a ɗauka. Korar kwana ɗaya ba ta kashe mutum.

"Kawo katinki," in ji shi.

Na cire katin shiga daga wuyana na ajiye masa a tebur. Na juya na fita. A bakin get Baba Isyaku ya miƙo min wayata bai yarda mun haɗa ido ba. Ta yi zafi kamar an ciro ta daga tukunya.

Ban tafi gida ba. Na san Abdulbaƙi aikin rana yake, yanzu zai zo. Na samu inuwar katangar wani mataccen kamfani na tsaya ina haki. Can sai ga shi a kan babur, da gilashinsa baƙi, yana tafe yana ɗaga wa mutane hannu. Na shiga gabansa, ya ci birki.

"A'a, uwar ɗakina!"

"Uwar ɗakinka tana gidanku. Sauko."

Ya waiga wajen get, ya waiga baya. "Don Allah ba a nan ba. Mu matsa can, kada a gan mu."

"A gan mu? Ni an gama ganina! Wa ya ba ka lambata ka manna a sanarwa?"

Ya tura babur ɗin bayan wata tirela da aka faka, ni ina biye da shi ina zazzaga masa. Ya ce in tsaya in ji. Mai makarantar ne ya kira shi da hantsi ya ce ya fasa ba da ɗakin taro, wai an yi masa waya daga sama, shi ba ya son rigima. Da ƙyar wani ɗan'uwan Mamman mai saƙa ya samo musu sito babu kaya a Challawa. Lokaci ya ƙure, dole a sanar yau, kuma sanarwar canjin wuri ba lamba ai ba sanarwa ba ce.

"Kai ba ka da lamba? Ko a rijiya wayarka ta faɗa?"

"Batirina ba ya riƙe caji."

"Ƙarya kake!"

"To, ji. Mutanenmu kin san su. Suna ganin an ce an canza wuri za su ce makircin kamfani ne don a raba kanmu. Sai sun kira sun ji muryar da suka yarda da ita. Wa aka yarda da shi kamar ke? Kuma na ga ke mace ce, ba za su taɓa ki ba."

Na buɗe hijabina na nuna masa wuyana. "Ina katina?"

Ya cire gilashin, ya mayar.

"Innalillahi. Wallahi na manta kina aikin safe. Na manta wayarki tana wurin Baba."

"Ka manta. Amma ba ka manta ka ɓoye taka ba. Kai da kake cikakken ma'aikaci, da takardarka da komai, ka laɓe bayan mace mai marayu. Tir! Ko kunya ba ka ji?"

"Kin faɗi sunana?"

Abin da ya dame shi ke nan. Ba yaya zan yi ba, ba me zan gaya wa tsohuwa ba. Na dube shi tun daga hula har takalmi, na ji wata irin tsana ta taso min har ɗaci nake ji a baki.

"Da na faɗa, da yanzu ina kan kekena."

Ya sauke ajiyar zuciya a gabana, ko ɓoyewa bai yi ba. Sai ya dawo da muryar taro: wai in kwantar da hankalina, gobe in mutane suka cika, manyan jiha suka ga yawanmu, maganata ce ta farko a ajanda. Wai kora saboda ƙungiya haramun ce a doka. Wai kafin Talata ina kan keke. Abin da ake bukata kawai kada taron ya watse, don in baƙin suka zo suka tarar da mutum goma, sun tafi ke nan.

"Ki riƙa ɗaga wayar, don Allah. Don kanki ma."

"Don kaina zan yi," na ce masa. "Kai kuma Allah ya isa tsakanina da kai."

Tun a adaidaita wayar ta dasa. Na farko wani mai lodi ne, ɗan Gumel.

"Hansatu ce? Wai gaskiya ne an canza wuri?"

"Ba ka karanta ba?"

"Na karanta. Na ce dai in ji."

"To ka ji. Challawa. Ƙarfe goma."

"Ta ina ake bi?"

Ga kwatance a rubuce a gabansa, ɓaro-ɓaro, amma sai na maimaita masa. Yana ajiyewa wani ya shigo. Wannan ya ce an gaya masa manaja ne ya rubuta don a kai su jeji a kama. Wancan ya ce shi ya ji an ɗaga sai wani sati. Wata ta ce taransifoma wacce, ai Challawa duk taransifoma ce. Wani ya yi filashin, ya sake, ya sake, wai ni ce zan kira shi da kuɗin wayata. Na kira na zage shi, sannan na yi masa kwatance.

Da na isa gida na wuce ɗaki ban ce wa Inna komai ba. Ta dube ni ta ce yau an tashe ku da wuri, na ce eh. Na jona waya a caji na zauna a gefenta kamar mai jinya. Da na ga abin ba zai ƙare ba, na danna na yi saƙon murya na jefa a gurup ɗinmu:

"Salamu alaikum. Hansatu ce ta sashen ɗinki. Sanarwar nan gaskiya ce. Ba a makaranta ba, kada wanda ya je makaranta. Challawa ne, sito mai shuɗin get, gobe ƙarfe goma. Motar Panshekara za ku hau, ku wuce Zawaciki, ku sauka a kwanar masana'antu. In kun fara jin warin fata, kuna kan hanya. Taransifomar da ake nufi babbar ce, mai shingen waya. Wanda wayarsa ba ta shiga gurup, maƙwabcinsa ya gaya masa. Kuma wanda ya sake yi min filashin, sai na ci mutuncinsa a gaban jama'a."

Masu rakani-kashi, waɗanda saƙon murya ba ya isa gare su, na tura musu tes ɗaya bayan ɗaya har babban yatsana ya ƙage. Na kira Mamman na ce gobe ya samu kwali ya rubuta sabon wuri, ya tsaya da shi a ƙofar makarantar, don na san ko sama za ta faɗo sai wasu sun je can. Shi mutumin Damagaram ne, ba ya musu. Ya ce, "To, Hajiya." Ya ƙara da cewa ya ji abin da ya same ni, Allah ya mayar da alheri. Shi kaɗai ne ya ce haka a duk waɗanda muka yi waya da su ranar.

Aina'u ta leƙo bayan la'asar ta kawo min kwanon abincina da na bari a ƙarƙashin keke. Ta ce labari ya zaga, mata sun fusata. Wai sun haɗa baki gobe sunana za su kira, ko mataimakiyar shugaba ko ma shugabar gaba ɗaya.

"Ni ba sarauta nake nema ba," na ce mata. "Katina nake so."

"Za ki samu. Gobe sai mun tayar da ƙura."

Washegari tun da sassafe aka ci gaba. Kamar yadda na faɗa, wasu sun tafi makaranta. Mamman ya kira ya ce ga mata cike da adaidaita biyu, sun ƙi yarda da kwalinsa, sun ce sai sun ji daga bakina. Na ce ya ba su wayar. Na yi musu tas, suka juya. Wasu 'yan Dakata suka zarce har cikin Panshekara, na dawo da su. Wani ya sauka daidai amma ya bi hannun dama, yana rantse min shi ba ya ganin shuɗin get, na ce ya juya ya kalli bayansa.

Da na ga haka, ina sauka a kwanar masana'antu sai na tsaya a nan, a rana, waya a kunne, hannu ɗaya yana nuni. Duk adaidaitar da ta sauke fuskar da na sani, in ce, "Nan, miƙe, bayan taransifoma." Tireloli suna wucewa suna watsa min ƙasa, ga warin jima, ban karya ba. Ina ƙirga kawuna a zuciyata ina jin daɗi, don kowane mutum ɗaya da ya wuce gani nake ya matso min da kekena. Baƙin jiha ma da suka zo a wata farar mota, ni direbansu ya tambaya, na nuna masa.

Sai da hanya ta yi shiru, ƙarfe goma ta gota, sannan na bi bayansu tare da Aina'u da ta tsaya jirana. Tun daga nesa na hango babura jere a bakin sito, takalma da hayaniya. Taro ya yi taro. Na ji ƙwalla ta zo min, na mayar da ita.

A ƙaramar ƙofar get ɗin an ajiye benci an tare rabin hanya. Sagir ne a kai, wani ƙato daga sashen yanka. Aina'u ta nuna masa wani abu ta wuce. Ni ma na sa kai, sai ya miƙe hannu.

"Kati, Yaya Hansatu."

"Wane kati?"

"Katin kamfani. An ce ba mai shiga sai da shi. Saboda 'yan leƙen asiri."

Na ɗauka wasa yake, har na yi dariya. "Sagir, ni ce fa. Ɗazun nan na nuna maka hanya, kana can kana bulayi a bakin gidan fata."

"Na sani wallahi. Umarni aka ba ni."

"Wa ya ba ka?"

Ya sunkuyar da kai. Na ce ya je ya kira min shi, in ba haka ba in tara masa mutanen Challawa. Aina'u ta ce bari ta shiga ta gaya wa mata. Ta shige.

Abdulbaƙi ya fito cikin farar shadda, an karya hula, yana ƙamshin turare. Jiya fa wannan ne yake laɓewa a bayan tirela.

"Uwar ɗakina, sannu da ƙoƙari. Kin ga yadda wuri ya cika?"

"Na gani. Ce wa yaronka ya ɗauke hannu."

"Wato akwai 'yar matsala. Zaɓe ne za a yi, kuma an tsayar cewa sai wanda yake ma'aikaci a yau, mai kati a hannu. In muka bar mutum ɗaya ya shiga ba kati, kamfani zai ce mun yi hayar 'yan waje, a rushe zaɓen gaba ɗaya."

"Ni ce 'yar waje?"

"Ba haka nake nufi ba."

"Wa ya tsayar? Baƙin ne suka ce, ko kai?"

"An dai tsayar."

"Yaushe? Jiya da kake roƙona in ɗaga waya ba ka san da dokar ba? Ko sai da ka ji mata za su kira sunana?"

Fuskarsa ta canza. Ya matso ya rage murya. "Hansatu, ki daina ɗaga murya, akwai baƙi."

"Su ji! Katin nan da kake tambaya, a kan wa aka karɓe shi? A kan uban wa? Kai ka rubuta, ni aka kora, ni na kwana ina kwatance, yanzu kuma ni ce ba zan shiga ba?"

"Ba wanda ya ce ki yi wa manaja rashin kunya. An gaya min yadda kuka yi."

Wallahi da ba don Sagir ya shiga tsakani ba, da farar shaddar nan ta ga ta kanta. Na kira shi matsoraci, na kira shi maci amana, na kira shi abin da ba zan maimaita ba. Shi kuwa ya ja baya yana gyara hula.

"Maganar aikina fa?" na ce. "Ta farko a ajanda, haka ka ce."

"Ba yau ba. Yau zaɓe ne. In muka fara da rigima, kamfani ba zai zauna da mu ba. A bari ƙungiya ta zauna da gindinta, sai a duba."

"Yara su ci me kafin ta zauna?"

"Ki yi haƙuri," ya ce, ya juya ya shige. Sagir ya ja ƙofar ya bar 'yar kafa.

Na tsaya ina jiran Aina'u da matan da za su tayar da ƙura. Na ji an buɗe taro da addu'a a lasifika. Na ji wani baƙo yana jawabi, rabi Hausa rabi Turanci, a kan haɗin kai. Na leƙa ta kafar ƙofa na hango hijabai a jere a gefe guda, kowa ta zauna ta natsu. Ba wadda ta waiwayo. Na kira wayar Aina'u, ta yi ta ringin, ta katse, sai ga tes: "Ana jawabi, bari a gama."

Ban ga laifinsu ba sosai, kowa katinta yana wuyanta kuma tana son ya kwana a nan. Amma na ji zafi, zafin da ban ji ba ko a ofishin manaja. Na koma gindin katanga na tsuguna. Rana ta take, bakina ya bushe. Can na ji an kira sunan Abdulbaƙi, aka tambaya ko akwai mai ja, aka yi shiru, sai tafi ya ɓarke har kwanon siton yana amsawa.

A nan na yanke. Na ce to, tunda haka ne kowa ya ceci kansa. Na buɗe waya na gangara cikin kiran jiya da ban ɗaga ba, na nemo lambar Malam Nazir, wadda ya kira ni da ita a bakin get. Ban yi wata-wata ba na danna. Kuma ko yau aka mayar da ni wurin nan, sai na danna.

"Wa ke nan?"

"Hansatu ce, Yallaɓai. Ta sashen ɗinki."

"A'a, mai kwatance. Ya rana?"

"Yallaɓai, jiya kun ce in na faɗi wanda ya rubuta sanarwar zan koma aiki. Zan faɗa."

Ya yi dariya, ba mai ƙarfi ba. Ina jin ƙarar cokali da faranti a wajensa.

"Abdulbaƙi za ki ce? Ga shi nan ina kallonsa a bidiyo ana ɗaga masa hannu. Tun da aka fara ake turo min."

"Daga ciki?"

"Daga ina kuwa? Mutumina da katinsa ya shiga. Ke kina ina?"

Na dubi ƙofar get ɗin da Sagir yake tsare da ita.

"Kin ga, Hansatu, jiya sunan nan yana da amfani. Jiya direba ne, da na sallame shi kafin magariba, ba taro ba zaɓe. Yau shugaban ƙungiya ne, manyansu sun shaida, in na taɓa shi sai kotu. Da shi zan riƙa zama a tebur. Me zan yi da sunansa yanzu?"

"Yallaɓai, ku dubi Allah. Ina da marayu."

"Na tuna miki da su jiya. Gobe kada ki ɓata kuɗin mota, tun jiya da rana ɗan kwangila ya kawo wata an ɗora a kekenki."

Na ce masa, "To, na gode, Yallaɓai." Ya kashe. Wallahi har yau ban san abin da ya sa na yi masa godiya ba.